Uzurin Abin da Ya Fi Ƙarfi: Me Force Majeure Ke Yafewa a Kwangila, Me Kuma Ba Ya Yafewa

A watan Oktoban 2022, lokacin da ambaliya ta mamaye jihohi da dama a Najeriya, kamfanin gas na NLNG da ke tsibirin Bonny ya sanar da abokan cinikinsa cewa ya ayyana abin da takardun kwangila ke kira force majeure. Dalilin da ya bayar shi ne ruwa ya hana masu kawo masa gas aiki, don haka shi ma ba lallai ya iya cika alkawarin da ya ɗaukar wa masu saye ba. Masu bin labaran man fetur sun saba da irin wannan sanarwa, domin kamfanin Shell ya sha yin ta a kan tashoshin Forcados da Bonny idan an fasa bututu. Yadda ake karanta ta a labarai, sai mutum ya zaci da zarar kamfani ya furta kalmar, shi ke nan ya wanke kansa. A doka ba haka abin yake ba. Sanarwar iƙirari ce kawai, kuma wanda ya yi ta shi ke da nauyin tabbatar da ita idan abokin cinikin ya ƙi yarda aka je gaban alƙali. Da yawa sun je, sun dawo da bashin diyya a wuyansu.

Kalmar ta Faransanci ce, tana nufin ƙarfin da ya rinjayi mutum, kuma daga dokar Faransa ta bazu cikin kwangilolin duniya. Kundin dokokin mu'amala da aka yi a zamanin Napoleon a 1804 ya ce a sashe na 1148 babu diyya a kan wanda irin wannan ƙarfi ya hana shi cika abin da ya yi alkawari. Kundin bai fayyace ma'anar ba, alƙalai ne suka yi ta sassaƙa ta shekara da shekaru, har a 2016 aka yi wa dokar kwangila garambawul aka rubuta ma'anar a sashe na 1218. Abin da sashen ke nema shi ne lamarin ya kasance ya fita daga ikon mai alkawari, ya kasance ba abu ne da mai hankali zai hango ba a ranar da aka ƙulla yarjejeniya, sannan babu wani matakin da ya dace da zai iya kauce wa illarsa. Bayan duk wannan, sai lamarin ya hana cika alkawarin. A lura, hanawa aka ce, ba wahalarwa ba, kuma kusan duk rigimar da ake yi a kan wannan uzuri tana tsakanin waɗannan biyun ne.

Akwai wani bambanci da ya shafi ɗan kasuwar Kano da na Maraɗi kai tsaye. Nijar ta gaji tsarin dokar Faransa, don haka uzurin fin ƙarfi yana cikin doka tun asali. Ko ba a rubuta shi a takarda ba, mai alkawari na iya kafa hujja da shi. Najeriya da Gana kuwa tsarin Ingila suka gada, kuma a wannan tsarin babu wata doka ta gama-gari mai wannan suna. Idan masu yarjejeniya sun rubuta sakin layi a kansa, alƙali zai karanta abin da suka rubuta kalma bayan kalma ya yi aiki da shi. Idan ba su rubuta ba, abin da ya rage wata ƙa'ida ce mai tsauri ƙwarai, wadda ta samo asali daga shari'ar Taylor da Caldwell ta 1863, inda wani zauren kiɗa a Landan ya ƙone kafin ranar da aka yi hayarsa. Ƙa'idar tana rushe kwangilar gaba ɗaya ne idan cika ta ya gagara ko ya rikiɗe ya zama wani abu daban da wanda aka yi alkawarinsa, kuma alƙalai ba sa sakin hannu wajen amfani da ita. Saboda haka mutum biyu da ke ciniki tsakanin Kano da Maraɗi, abu na farko da ya kamata su duba a takardarsu shi ne layin da ya faɗi dokar ƙasar da za ta yi hukunci.

Babu shari'ar da ta fi fito da iyakar wannan uzuri fili kamar ta gyaɗar Sudan. Ranar 4 ga Oktoban 1956, kamfanin Tsakiroglou ya yi yarjejeniyar sayar wa kamfanin Noblee Thorl tan 300 na gyaɗar Sudan a kan fam 50 kowane tan. Kuɗin ya haɗa da na jirgi da inshora har zuwa Hamburg a Jamus, kuma za a yi lodi a watan Nuwamba ko Disamba. Kowa ya san hanyar da jiragen ruwa ke bi daga Port Sudan zuwa Turai: su haura Bahar Maliya su ratsa mashigin Suwez. Amma takardar ba ta ambaci hanya ba. A farkon Nuwamba rikicin Suwez ya sa mashigin ya toshe, bai sake buɗewa ba sai a watan Afrilun 1957. Hanyar da ta rage ita ce a zagaye Afirka ta can ƙarshen kudu. Tafiyar da take mil dubu huɗu da 'yan kai ta koma sama da mil dubu goma sha ɗaya, kuɗin jirgi kuma ya tashi daga fam bakwai da sule goma a kan kowane tan zuwa fam 15. Mai sayarwa ya ce kwangila ta mutu, ya ƙi yin lodi.

A takardar akwai sakin layi na uzuri. Ya ce idan yaƙi, ko toshe tashar jiragen ruwa, ko haramcin fitar da kaya, ko wani abin fin ƙarfi ya hana yin lodi a cikin lokacin da aka tsayar, za a ƙara wa'adin da bai wuce wata biyu ba, idan har lokacin abin bai kau ba a soke cinikin. Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, ga sojojin ƙasashe uku sun afka wa Masar, ga mashigi a rufe. Amma shari'ar ta haura har gaban alƙalan majalisar dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a wancan zamani, kuma a 1961 suka ce mai sayarwa ne da laifi. Hujjarsu ita ce, abin da ya yi alkawari shi ne ya ɗora gyaɗa a jirgin da zai kai ta Hamburg. Tashar Port Sudan a buɗe take, gyaɗar tana nan, akwai hanyar da za a bi. Rikicin ya rufe Suwez, bai hana lodi ba. Gyaɗa ba tumatir ba ce da za ta ruɓe saboda ƙarin makonni a teku, kuma ba a tsayar da ranar da dole kaya su isa ba. Abin da ya canza kuɗi ne kawai, tsadar cika alkawari kuwa, ko da ta ninka, haɗari ne da mai sayarwa ya ɗauka ranar da ya yanke farashi.

Lissafin ya cancanci a tsaya a kansa. Da ya bi doguwar hanya, ƙarin kuɗin jirgin fam bakwai da sule goma ne sau 300, wato fam 2,250 a cinikin da jimillarsa fam 15,000 ne. Da ya ƙi lodi, an auna diyyar da bambancin farashin kwangila da na kasuwa a lokacin da ya kamata a cika alkawari. Gyaɗa ta riga ta tashi zuwa fam 68 da sule 15, bambancin ya zama fam 18 da sule 15 a kan kowane tan, jimilla fam 5,625. Ya biya fiye da ninki biyu na abin da ya gudar wa, ban da kuɗin lauyoyi na shekaru. Tashin farashin nan kuma yana nuna dalilin da ya sa alƙalai ke sa ido sosai a kan mai kawo uzuri. Lokacin masifa shi ne lokacin da farashi ke hauhawa, kuma mai kayan da ya kuɓuta daga tsohon alkawari zai iya sayar da su da tsada ga wani. Da doka za ta karɓi tsada a matsayin uzuri, da kowace kwangila ta zama ta mai ƙarfi ce, ya cika idan kasuwa ta yi masa daɗi, ya janye idan ta juya.

A ganina alƙalan sun yi daidai, duk da hukuncin yana da zafi. Wanda ya sayi gyaɗar shi ma yana da masu jiransa, kuma dalilin da ya sa ya yanke farashi tun a Oktoba shi ne don kada tashin kasuwa ya same shi.

Mu kawo abin gida da misali na ƙirƙira. A ɗauka wani ɗan kasuwa a Dawanau ya sa hannu a watan Yunin 2023 cewa zai kai wa wani kamfani a Legas tan 200 na wake a watan Satumba, kuma a ransa daga Maraɗi zai sayo, domin can ya fi araha. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, cikin 'yan kwanaki Najeriya ta rufe iyakarta da Nijar bisa takunkumin ECOWAS, ba ta buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Takardarsa tana da sakin layin da ya ambaci matakin gwamnati a cikin abubuwan uzuri. Ya kuɓuta ke nan? Amsar tana ga yadda aka siffanta kayan. Idan takardar ta ce wake kawai, mai nauyi kaza da tsabta kaza, to rufe iyaka bai hana shi komai ba, domin akwai wake a Kano da Jigawa da Gombe. Zai saya da tsada ya yi asara, kuma matsayinsa ɗaya da mai gyaɗar Sudan. Idan kuwa takardar ta ce waken Nijar ne, ko ta ce za a shigo da shi ta Jibiya ko Maigatari, to matakin gwamnati ya hana ainihin abin da aka yi alkawari, uzurinsa ya tsaya. Kada ya yi tunanin alƙali zai ce ai akwai hanyar daji da 'yan fasa-ƙwauri ke bi. Doka ba ta tilasta wa kowa karya doka don ya cika kwangila. Masifa ɗaya ce, ɗan kasuwa ɗaya ne, amma kalmomi uku ko huɗu a siffar kaya sun raba hukuncin gida biyu.

Shi ya sa tambayar da mutane suka fi yi, wato waɗanne abubuwa ne ke shiga cikin uzurin, ba ita ce mai wuya ba. Jerin da ake gani a yawancin takardu kusan iri ɗaya ne: ambaliya, girgizar ƙasa, gobara, yaƙi, tarzoma, annoba, yajin aiki, da umarnin hukuma. A tsarin Ingila, idan jerin ya ƙare da jimla irin ta "da sauran makamantansu", alƙali kan fassara ta da abubuwan da suka yi kama da waɗanda aka lissafa, ba duk abin da ya faɗo wa mutum ba. Abubuwan da kusan ba a taɓa karɓa ba, sai an rubuta su ƙarara, su ne faɗuwar darajar kuɗi, tashin farashin kaya, rashin samun bashin banki, da lalacewar injin da mai shi bai kula da shi ba. Amma ko abin yana cikin jerin da sunansa, aiki bai ƙare ba, sai an nuna cewa shi ne sanadin gazawar.

Kamfanin mai na Tullow ya ɗanɗana wannan a Gana. Ya yi hayar wani injin haƙar mai na cikin teku mai suna West Leo daga kamfanin Seadrill, a kan kuɗin da ya kai kusan dala dubu ɗari shida a kowace rana. A watan Afrilun 2015, kotun duniya mai kula da dokokin teku, wadda ke sauraron rikicin iyakar ruwa tsakanin Gana da Kwaddibuwa, ta umarci Gana da kada a fara sabon haƙa a yankin da ake taƙaddama. Takardar hayar ta ambaci dakatar da haƙa da gwamnati ta yi a cikin abubuwan uzuri. Tullow ya dogara da wannan ya soke hayar a 2016. A 2018 babbar kotun Landan ta ce bai da hurumi. Alƙalin ya gano dalilai biyu ne suka bar injin ba aiki: dakatarwar, da kuma rashin amincewar gwamnatin Gana da wani sabon shirin haƙa a yankin Jubilee, wanda ba ya cikin wurin da ake rigima. Na biyun ba ya cikin jerin uzuri, kuma shi ne ya rushe shirin da Tullow ke da shi na ba injin aiki. Har ila yau akwai rijiyoyin da zai iya tura injin ya yi aiki a kansu, amma bai yi ba saboda ba su dace da lissafinsa ba. A lokacin, farashin mai ya faɗi, kuɗin hayar irin wannan injin ma ya faɗi warwas a kasuwa. Hukuncin ya ci Tullow kusan dala miliyan 254.

Malaman fiƙihu ba za su ji wannan tunani baƙo ba. A mazhabar Malikiyya akwai babin ja'iha: wanda ya sayi 'ya'yan itace suna bisa bishiya, sai fara ko sanyi ko makamancinsu ya halaka sulusinsu ko fiye, ana rage masa kuɗin gwargwadon abin da ya halaka, abin da bai kai sulusi ba kuwa shi zai ɗauka. Can ma an raba asarar da ɗan kasuwa ya kamata ya haɗiye da wadda ta wuce misali, sai dai su sun sa ma'auni na adadi, dokokin Turawa kuma suna auna ko alkawarin ya yiwu ko ya gagara.

To idan uzurin ya tabbata, me ya yafe? Ƙasa da abin da mutane ke zato. Abin da yake ɗauke wa mutum shi ne diyyar saɓa alkawari, da tarar jinkiri idan akwai ta a takarda. Bai mayar masa da asarar da ya yi ba, bai kuma ba shi damar riƙe kuɗin kayan da bai kawo ba. Ɗan kasuwarmu na Dawanau, ko da uzurinsa ya tsaya, idan ya karɓi kafin alƙalami kuma cinikin ya rushe, a bisa al'ada sai ya mayar, sai fa in takardar ta tsara wani abu daban. Galibi ma uzurin ba ya kashe kwangilar nan take, dakatar da ita yake yi. Sashe na 1218 na Faransa ya faɗi haka a fili: idan cikas ɗin na ɗan lokaci ne, alkawarin yana jira har ya kau, sai dai in jinkirin ya yi tsawon da cinikin ya rasa amfani, idan na dindindin ne, kwangilar ta warware. Takardun kasuwanci kan sa wa'adi, kamar wata biyun da ke cikin ta gyaɗar Sudan, wasu kwana 90, wasu 180, bayan haka kowane ɓangare na iya janyewa. Kuma ɓangaren alkawarin da abin ya shafa kaɗai ake dakatarwa. Idan ambaliya ta cinye ɗaya daga cikin rumbunan ajiya uku, kayan sauran biyun suna nan a wuyan mai su.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne biyan kuɗi. Kotun ƙolin Faransa ta yanke a watan Satumban 2014 cewa wanda ake bi kuɗi ba zai fake da fin ƙarfi ya ƙi biya ba, kuma takardu da yawa a tsarin Ingila suna rubuta hakan da kansu. Dalilin shi ne kuɗi ba ya ƙonewa kamar zauren kiɗa, rashinsa a hannun mutum talauci ne ko karyewar jari, waɗanda suke da nasu dokokin. Annobar korona ta gwada wannan ƙa'ida. A ƙarshen Fabrairun 2020, ministan tattalin arzikin Faransa Bruno Le Maire ya ce gwamnati za ta ɗauki annobar a matsayin fin ƙarfi, ba za ta ci tarar 'yan kwangilarta da suka yi jinkiri ba. Wannan sassauci ne na gwamnati a kan kwangilolinta, bai ɗaure sauran jama'a ba. Masu shagunan da aka tilasta wa rufewa suka ce su ma ba za su biya haya ba, amma a watan Yunin 2022 kotun ƙolin ta ce sai sun biya. Dokar kulle ta hana su ciniki, ba ta hana su biyan haya ba.

Akwai wata shari'a ta kwanan nan da ta nuna gefe na biyu, wato iyakar ƙoƙarin da ake nema daga mai uzuri. Kamfanin jiragen ruwa na MUR yana jigilar ma'adinin da ake yin alminiyam da shi daga Konakiri zuwa Yukren wa kamfanin RTI, kuma takarda ta ce da dalar Amurka za a biya. A watan Afrilun 2018 Amurka ta ƙaƙaba wa uwar kamfanin RTI takunkumi, biya da dala ya shiga matsala, MUR ya dakatar da aiki. RTI ya ce zai biya da yuro, ya kuma ɗauki nauyin kuɗin canji. A watan Mayun 2024 kotun ƙolin Birtaniya ta ce ba dole MUR ya karɓa ba: ƙoƙarin da ake nema shi ne na cika kwangilar yadda aka rubuta ta, ba karɓar wani abu a madadinta ba. Ni dai wannan hukuncin bai kwanta mini sosai ba, domin MUR ba zai yi asarar ko sisi ba da ya karɓi yuron, amma ya dace da yadda tsarin Ingila ke fifita abin da ke rubuce.

Wurin da masu uzuri na gaskiya suka fi faɗuwa kuwa ƙaramin abu ne, sanarwa. Yawancin takardu suna cewa a sanar da ɗaya ɓangaren a rubuce cikin kwanaki ƙididdigaggu, a faɗi abin da ya faru, da alkawarin da ya shafa, da tsawon lokacin da ake zato. Idan takardar ta mai da wannan sharaɗi, wanda ya makara ya rasa uzurin ko da ambaliyar ta cinye masa komai. Kiran waya da jaje da "Allah ya kiyaye gaba" ba sa tsaya masa a kotu. Ana kuma son shaidar da aka tara tun abin yana da zafi: takardar umarnin hukuma, rahoton 'yan kwana-kwana, da wasiƙun da ke nuna ya nemi wata mota ko wani mai kaya bai samu ba.

Sai batun hangowa, wanda ya fi cizo a tsarin Faransa. Ana auna shi ne da ranar sa hannu. Wanda ya ƙulla ciniki a 2019 zai iya cewa bai hango korona ba, wanda ya ƙulla a tsakiyar 2020 ba zai iya ba. Haka ma iyakar Najeriya da Nijar: an rufe ta a Agustan 2019, an sake rufewa a 2023. Ɗan kasuwar da ya sa hannu a yau a ƙarƙashin dokar Nijar zai sha wahalar gamsar da alƙali cewa rufe iyaka abu ne da ba ya zuwa a zuciya, haka wanda ya yi alkawarin ratsa hanyar da kowa ya san ruwa na yanke ta duk watan Agusta. Mafitar ita ce a rubuta rufe iyaka da sunansa a sakin layin, a ce uzuri ne ko an hango shi ko ba a hango ba, a tsayar da kwanakin jira, a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin ajiya da na motocin da suka maƙale a Jibiya kafin wa'adin ya cika.